Gaban kwalba da bayanta: me kalmomin man shafawa suka yi alkawari?

Hunturu ya shigo, leɓe ya fara tsagewa, ƙafa ta fara faso. A irin wannan lokaci ne shagunan kayan kwalliya ke cika, daga Sabon Gari a Kano har kasuwar Maraɗi. Wata uwa ta shigo da 'yarta budurwa. Fuskar yarinyar ta yi furu-furu saboda bushewa, ga kuma 'yan ƙuraje a goshi. Mai shago ya ɗauko wata farar kwalba daga saman kanta, ya goge ƙurar jikinta da tafin hannu, ya miƙa.

"Hajiya, wannan za ki ɗauka. Likitocin fata ne suka gwada shi. Ba ya kawo ƙuraje, ba ya ba kowa alaji. Ga shi nan a rubuce."

A rubuce yake kuwa. A ƙasan sunan man an jera kalmomi uku da ƙananan baƙaƙe: Hypoallergenic, Non-comedogenic, Dermatologist tested. Da a ce kwalbar ta shigo ta Yamai ne, da Faransanci za a gansu: Hypoallergénique, Non comédogène, Testé dermatologiquement. Hajiya ta biya kuɗin da ya ninka na man da ke kusa da shi, hankalinta kwance. Mai shagon ba yaudara ya yi niyya ba, abin da ya fahimta ya faɗa, kuma haka yawancin masu saye suke fahimta. Sai dai a cikin kalmomin nan uku babu wadda ta ɗauki alkawarin da ya ɗauka a madadinta.

Kwana uku da fara shafawa, kumatun yarinyar da fatar idonta suka kumbura, suka kama ƙaiƙayi, wasu ƙananan ƙuraje masu ruwa suka feso. Abin da aka fara cewa a gidan shi ne an sayar musu da jabu. Yana iya zama jabun, domin kasuwa ba ta rasa shi. Amma ko da man na asali ne, wanda ya fito kai tsaye daga kamfani, hakan na iya faruwa ba tare da kamfanin ya karya wata doka ba.

Dalilin yana cikin kalmar farko. Gaɓar da ta fara da ita, hypo, daga harshen Girka take, ma'anarta ƙasa-ƙasa ko kaɗan. Wato kalmar ba ta ce babu alaji ba, cewa ta yi an rage yiwuwarsa. Tambayar da ke biyo baya ita ce: an rage shi idan aka kwatanta da me, kuma wa ya auna? A kan wannan tambaya aka yi shari'a a Amurka, ƙasar da kalmar ta yi tashe. A 1975 hukumar abinci da magunguna ta ƙasar, FDA, ta fitar da ƙa'ida cewa duk kamfanin da zai rubuta wannan kalma sai ya gwada kayansa a fatar mutane, ya nuna cewa sun fi takwarorinsu na kasuwa ƙarancin kawo matsala. Kamfanoni biyu da kasuwancinsu ya ginu a kan wannan suna, Almay da Clinique, suka garzaya kotu. Kotun farko ta ba hukumar gaskiya. Suka ɗaukaka ƙara, a ƙarshen 1977 kotun ɗaukaka ƙara da ke Washington ta soke ƙa'idar, bisa hujjar cewa hukumar ba ta tabbatar masu saye suna fahimtar kalmar yadda ta fassara ta ba.

Tun daga nan ba a sake kafa wata ƙa'ida ba. Hukumar da kanta tana gaya wa jama'a cewa babu wata ma'ana ta doka da ke kan kalmar, kowane kamfani shi ke yanke abin da take nufi a wurinsa, kuma ba a buƙatar ya kawo hujja kafin ya buga ta. Ko babbar dokar kayan kwalliya da Amurka ta yi a ƙarshen 2022, wadda ta tilasta wa kamfanoni rajista da kai rahoton mummunar illa, ba ta fassara kalmomin nan ba. Wannan ya shafi mai saye a Kano ko Kumasi kai tsaye, domin man da ke kan kantarsa sau da yawa an tsara rubutun jikinsa ne don kasuwar Amurka, ko an kwaikwayi wanda aka tsara domin ta.

Tarayyar Turai ta ɗan fi tsanani. Dokarta ta 2013 ta ce duk iƙirarin da ke jikin kayan kwalliya sai ya zama gaskiya kuma yana da hujja a ajiye. Daga Yulin 2019 aka fara aiki da wani bayani na musamman a kan wannan kalma: kamfani ya guji sinadaran da aka san suna haddasa alaji, ya kuma riƙe shaidar da ke nuna haɗarin kayansa ƙanƙani ne ƙwarai. Amma wannan bayanin jagora ne ga hukumomi da kotuna, ba izini ba ne da ake nema kafin a sayar, kuma shi ma ya faɗa ƙarara cewa kalmar ba ta lamunce wa kowa rashin alaji gaba ɗaya.

Ba wai kamfanoni ba sa gwaji ba ne. Manya da yawa suna yi, kuma ya kamata a san yadda gwajin yake, domin shi ne kuma yawanci ke bayan kalmar nan ta uku, wadda ke cewa likitan fata ya gwada. Ana tara masu sa kai, daga 50 zuwa 200. Ana ɗiga man a kan ɗan ƙyalle mai gam, a manna a bayan mutum, a bar shi kwana ɗaya, a cire, a duba wurin. Ana maimaitawa a wuri guda sau tara cikin mako uku. Sai a ba fatar hutun kusan mako biyu, sannan a manna sabo a wani wurin da man bai taɓa taɓawa ba, a riƙa dubawa har kwana biyu zuwa uku. Hikimar hutun ita ce alajin fata ba ya zuwa a haɗuwar farko. Sai garkuwar jiki ta ga sinadarin, ta riƙe kamanninsa, sannan idan ya dawo ta tashi masa. Idan sabon wurin ya yi ja ko ya kumbura, to man ya koya wa jikin alaji ke nan. Idan babu wanda ya nuna komai, likita ya sa hannu a takardar sakamako, kamfani ya tafi wurin masu buga kwali.

Gwaji ne mai amfani, amma ɗan lissafi zai nuna iyakarsa. A ɗauka akwai man da ke ba mutum ɗaya cikin 100 alaji. Idan aka gwada shi a kan mutum 50, yiwuwar a tashi ba a ga kowa da matsala ba ta kai kashi 60 cikin 100. Wato sau shida cikin goma man zai tsallake lafiya lau. Idan aka ƙara masu gwajin zuwa 200, yiwuwar tsallakewar ta sauko zuwa kusan kashi 13. To, a ɗauka kuma man ya fi haka kyau, mutum ɗaya cikin 1,000 kawai yake taɓawa. Gwajin mutum 200 zai kasa ganinsa fiye da sau takwas cikin goma. Idan mutum miliyan ɗaya suka saya, mutum 1,000 ne za su wayi gari da kumburarriyar fuska, kuma 'yar Hajiya na iya zama ɗaya daga cikinsu. Masana lissafi suna da hanya mai sauƙi ta ƙiyasta wannan: idan ba a ga matsala ko ɗaya ba, a raba 3 da yawan waɗanda aka gwada, abin da ya fito shi ne iyakar haɗarin da gwajin bai kore ba. Ga mutum 50, kashi 6 ke nan cikin 100. Ga mutum 200, kashi ɗaya da rabi.

Akwai kuma batun su wane ne masu sa kan. Yawanci mutane ne masu lafiyar fata, domin ka'idar irin wannan gwaji takan cire mai cutar fata da ke tashe, da mai ciki, da mai shan maganin da ke danne garkuwar jiki. Ashe mutanen da suka fi neman man da ba ya ba da alaji, su ne ba a cika gwadawa a kansu ba. Sannan alamar da mai dubawa ya fi dogara da ita ita ce jan fata, alhali a baƙar fata ja ba ya fitowa fili kamar yadda yake yi a fara. Sau da yawa wurin duhu yake yi, ko ya yi toka-toka, ko ya ɗan tasa. Wannan abu ne da ya kamata ya dami duk mai baƙar fata da ke karanta alkawarin da aka auna a wata nahiya.

Ita kalmar likita ba ta buƙatar dogon bayani, domin abin da ta faɗa kaɗan ne. Ta ce an gwada. Ba ta ce mutum nawa ba, ba ta ce kwana nawa ba, ba ta ce me aka nema ba, ba ta ma ce ga sakamakon ba. A Turai an fahimce ta da cewa an gwada kayan a jikin mutane ƙarƙashin kulawar likitan fata, a Amurka ko wannan ba a rubuta a doka ba. Likitan kuwa kamfani ne ya biya shi ko ya biya ɗakin gwajin da yake aiki, wanda ba laifi ba ne, amma ba daidai yake da a ce ƙungiyar likitoci ta zauna ta amince ba. 'Yar uwarta, Dermatologist recommended, na iya tsayawa a kan ra'ayin likitoci ƙalilan ko takardar tambayoyi da aka raba musu.

Likitocin fata da kansu sun bi diddigin kalmomin nan. A 2015 Carsten Hamann da abokan aikinsa suka wallafa binciken da suka yi a kan kayan shafa na yara 187 da ake sayarwa a Amurka, masu ɗauke da irin waɗannan alkawura. Suka ɗauki jerin sinadaran kowanne suka gwama da jerin abubuwan da likitoci ke gwada alaji da su. Kashi 89 cikin 100 na ɗauke da aƙalla sinadari ɗaya daga jerin, kashi 11 kuma na ɗauke da biyar ko fiye. A 2017 Shuai Xu da abokansa na jami'ar Northwestern suka duba man jiki 174 da suka fi kasuwa a manyan kantunan ƙasar. Cikin guda 18 da suka ce ba sa saurin ba da alaji, 15 na da irin wannan sinadari. Cikin 40 da suka ce ba su da turare, 18 na da wani sinadarin ƙamshi ko tsiro mai alaƙa da shi. Waɗanda suka ce likita ya ba da shawarar amfani da su kuwa sun fi saura tsada da kusan kashi ɗaya bisa uku.

Adalci ya sa a faɗi ɗaya ɓangaren. Samun irin wannan sinadari a cikin mai ba ya nufin man guba ne. Gyaɗa abinci ce ga kusan kowa, amma akwai wanda ƙwaya ɗaya ke kai shi asibiti. Haka alajin fata yake: tsakanin mutum ɗaya ne da sinadari ɗaya. Shi ya sa babu man da zai iya yi wa kowa alkawari, kuma shi ya sa kalmar da ke gaban kwalba ba za ta taɓa maye gurbin jerin da ke bayanta ba.

A wannan jerin na baya, mai ƙananan baƙaƙen da ke sa a ƙanƙance ido, ana jera sinadarai ne daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci, har a iso kan waɗanda ba su kai kashi ɗaya cikin 100 ba, su kuma ana iya jera su yadda aka ga dama. Masu haddasa alaji yawanci a wutsiyar jerin suke, domin ɗan kaɗan ya isa. Na gaba-gaba su ne kayan ƙamshi, waɗanda ake dunƙulewa cikin kalma ɗaya, Fragrance ko Parfum, ko da sinadarai gommai ne a ciki. Sai magungunan hana mai lalacewa. Ɗaya daga cikinsu, Methylisothiazolinone, ya bar tarihi: bayan da kamfanoni suka rungume shi, likitoci a Turai da Amurka suka ga alajinsa na ta hauhawa, har ƙungiyar masana alajin fata ta Amurka ta ayyana shi a matsayin sinadarin alaji na shekarar 2013. Tarayyar Turai ta hana sa shi a man da ake barin sa a jiki daga 2017, ta bar ɗan kaɗan a sabulun ruwa da man wanke gashi da ake ɗaurayewa. A ƙasashen da ba su hana ba, har yanzu ana iya samun sa a loshan da tsumman goge jarirai. Akwai kuma Lanolin, maiƙon da ake samu daga gashin tumaki, wanda ke da kyau ga busasshiyar fata amma yakan tayar wa wasu masu cutar fata da ƙaiƙayi. Kalmar Natural ma ba mafaka ba ce, domin man tsirrai masu ƙamshi suna cikin abubuwan da suka fi ba da alaji.

Kalmar tsakiya, wadda mai shago ya fassara da cewa ba ya kawo ƙuraje, labarinta daga kunnen zomo ya faro. A kowane ramin gashi na fuska akwai 'yar jakar da ke fitar da maiƙo. Idan matattun ƙwayoyin fata suka haɗu da maiƙon suka toshe bakin ramin, sai a sami ɗan ƙulli, ko dai mai farin kai idan a rufe yake, ko mai baƙin kai idan a buɗe yake. Baƙin ba datti ba ne, iska ce ta taɓa abin da ke ciki ya sauya launi. Wannan toshewar likitoci ke kira komedo, kuma ita kaɗai kalmar ke magana a kai. A 1972 Albert Kligman da Otto Mills, masu bincike a Philadelphia, suka bayyana cewa wasu kayan kwalliya na haddasa irin waɗannan ƙananan ƙuraje ga mata manya da suka wuce shekarun balaga. Don gano masu laifi sai aka riƙa shafa sinadari a cikin kunnen zomo kullum har kusan mako biyu, a bar ɗaya kunnen don kwatance, sannan a duba ramukan gashin. A 1989 James Fulton ya wallafa dogon jerin sinadarai da maki daga 0 zuwa 5. Man kwakwa da man koko da wani sinadari mai sa mai santsi, Isopropyl myristate, duk sun sami maki mai yawa. Jerin da ake yawo da shi a wayoyi yau, ana cewa kaza yana toshe fata kaza ba ya toshewa, yawancinsa jikan wannan aiki ne.

Matsalar ita ce kunnen zomo ya fi fuskar mutum saurin toshewa nesa ba kusa ba, kuma sau da yawa sinadarin zallarsa ake shafawa, alhali a cikin kwalba yawanci a gauraye yake da wasu sinadarai. Da aka koma gwaji a jikin mutum, a gadon baya ake yi, ba a fuska ba: a manna man a rufe har mako huɗu, sannan a ɗiga wani gam mai ƙarfi a kan ɗan gilashi, a manna a fatar, a ɓamɓaro, a ƙirga toshewar da ta biyo shi a madubin ƙara girma. Da wannan hanya Zoe Draelos da Joseph DiNardo suka nuna a 2006 cewa kayan kwalliyar da aka haɗa da sinadaran da jerin ya yi wa mummunan maki ba lallai ne su toshe fata ba. Yawan sinadarin da abin da aka gauraya shi da shi su ne ke yanke hukunci. Kuma kamar sauran kalmomin biyu, babu dokar da ta ce ga gwajin da za a yi ko ga makin da za a ci kafin a buga ta. Wani kamfani ya gwada a bayan mutane, wani ya duba jerin Fulton kawai ya guji 'yan sunaye, wani bai yi ko ɗaya ba, amma kalma ɗaya ce a jikin kwalabensu.

Duk da haka, a ra'ayin marubucin nan, cikin ukun ita ce ta fi amfani ga mai fuska mai maiƙo, domin aƙalla tana nuna cewa an yi man ne da niyyar ya zama mara nauyi. Likitoci ma sukan ce a fara nema daga cikin masu ɗauke da ita. Abin da ba ta ce ba shi ne za ta warkar da ƙuraje ko ta hana su. Ƙurajen fuska suna da tushe da yawa: sinadaran balaga, gado, al'adar wata-wata, ƙwayoyin cuta da ke zaune a ramin gashi, wasu magunguna. Man da bai toshe komai ba ba zai taɓa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Ƙurajen goshin 'yar Hajiya, waɗanda suka sa aka je shago tun farko, wataƙila ma ba daga man fuska suke ba. Tun 1970 Gerd Plewig da Fulton da Kligman suka bayyana wani nau'in ƙuraje a tsakanin baƙaƙen fatar Amurka masu shafa man gashi mai kauri kullum: ƙananan ƙulle-ƙulle a cunkushe a goshi da gefen kai, daidai inda man ke gangarowa. Duk wadda ke cika kitso da man gashi, ta ɗaura ɗankwali ya danne goshi, zafi ya narkar da man, ta san wannan layin ƙurajen da ke bin bakin gashi. Sauya man fuska sau goma ba zai kawar da shi ba matuƙar na kai yana nan.

A Najeriya akwai abin da ya fi waɗannan kalmomi muhimmanci a duba, shi ne lambar rajistar NAFDAC, hukumar da aka kafa a 1993 kuma take kula da kayan kwalliya. Lambar ba ta ce man zai dace da fatar kowa ba, amma tana nuna akwai wanda za a kama idan an sami matsala. Babban haɗarin yana wurin man haɗi, wanda ake gaurayawa a roba a liƙa masa takarda mai ƙyalli. Buga kalmomin nan uku a irin wannan takarda bai fi aikin minti biyar ba a shagon buga kati. Man ƙara haske da yawa ana zuba musu sitiroid mai ƙarfi ba tare da an rubuta ba, alhali magani ne da bai halatta a sa a kayan kwalliya ba. Shi kuma sitiroid yana da wayo: makonnin farko fata takan yi sumul, ƙaiƙayi ya kwanta, daga baya ƙuraje masu kama ɗaya su feso a fuska da ƙirji da baya, fata ta yi siriri, jijiyoyi su bayyana, nankarwa ta fito. Idan aka daina kwatsam sai fuskar ta ɗauki zafi, mai shafawa ta koma da gudu tana zaton man ne maganinta.

To yaya za a gane abin da ya sami fuska? Lokaci ne babban shaida. Idan raɗaɗi ko zafi ya zo cikin mintuna ko 'yan sa'o'i da shafawa, ya tsaya daidai inda man ya taɓa, yawanci man ne ya yi wa fatar ƙarfi, ba alaji ba ne, kuma hunturu na ƙara shi domin busasshiyar fata ta riga ta tsattsage. Idan ƙaiƙayi ne ya fi yawa, ya zo bayan kwana ɗaya zuwa uku, da kumburi ko ƙuraje masu ruwa, yana kuma ƙetare iyakar inda aka shafa, wannan ya fi kama da alaji. Yana iya zuwa ko da mutum ya yi shekaru yana amfani da man lafiya. Toshewar ramin gashi kuwa a hankali take zuwa, sai an yi makonni, ba ta ƙaiƙayi, yatsa ke jin ta kamar tsaba a ƙarƙashin fata kafin ido ya gani. Abin da ya sami 'yar Hajiya a kwana na uku, da kumburin fatar ido, ya faɗa cikin na biyu. Tunda ya zo da wuri haka, alama ce jikinta ya riga ya san sinadarin daga wani sabulu ko turare ko man da ta taɓa amfani da shi.

Da an yi wani ɗan gwaji a gida, da wuya abin ya kai fuska. Ana zaɓar wuri a cikin damtse ko lanƙwasar gwiwar hannu, faɗin yatsu uku, a shafa man yadda za a shafa a fuska, safe da yamma, har kwana bakwai zuwa goma, ba tare da an sa wani sabon abu a wurin ba. Idan sabulu ne ko abin da ake wankewa, a bar shi minti biyar a ɗauraye. Da zarar wurin ya yi ƙaiƙayi, ya tasa, ko ya yi duhu, a wanke a ajiye man. Shafa sau ɗaya a bayan hannu a cikin shago ba ya nuna komai sai ƙamshi. Gwajin damtse ba ya gano toshewar ramin gashi, don wannan sai a gwada a gefe ɗaya na haɓa har wata guda. Kuma sabon abu ɗaya ake shigo da shi a lokaci guda. Amaryar da aka haɗa wa sabulu da kirim da hoda da dilka a mako ɗaya, idan fuska ta ɓaci babu mai iya nuna mai laifi.

Ga wadda abin ya riga ya sama, matakin farko shi ne ta dakatar da duk abin da take shafawa, ta koma ruwa da farin basilin mara turare, wanda sinadari ɗaya ne tak kuma da ƙyar yake ba wani alaji. Kada ta karɓi kirim mai sitiroid daga kemis ta riƙa shafawa a fuska da kanta. Idan leɓe ko harshe ya kumbura, ko numfashi ya yi wuya, wannan na gaggawa ne, asibiti kai tsaye. Kada kuma a jefar da kwalbar, a tafi da ita wurin likitan fata, irin waɗanda ake samu a asibitocin koyarwa kamar na Aminu Kano ko na Shika a Zariya.

Idan abin yana maimaituwa, akwai gwajin da ke gano sinadarin da sunansa, a inda ake da kayan yinsa. Ana manna ƙananan faifai a bayan mutum, kowanne ɗauke da sinadari ɗaya, gommai a jere. Ana barin su kwana biyu ba wanka a wurin, a cire a duba, a sake dubawa bayan kwana ɗaya ko biyu, domin wasu ba sa nunawa sai a karo na biyu. Inda fata ta tasa, likita ya duba lambar wurin ya rubuta sunan sinadarin a takarda, tare da sauran sunayen da yake fitowa da su. Alajin irin wannan yawanci ba ya barin mutum, don haka takardar za ta zauna a jakar yarinyar shekara da shekaru. Ranar da ta koma shago, mai shago ya miƙo kwalba yana nuna mata gabanta, sai ta ce, "Malam, bari in ga bayan," ta fito da takardarta, ta bi jerin da yatsa daga ƙasa zuwa sama.